Daga Zama Mafi Nauyi Ake Fara Rubuta Littafin Jagora Na Matasa Masu Alhini

Yawancin waɗanda suke zama su rubuta littafin jagora na rukunin matasan da aka yi wa rasuwa, daga zama na 1 suke farawa: gabatar da juna, kafa dokoki, wasan sabo. Daga nan sai su riƙa cike sauran makonnin da batutuwan da suka zo musu a rai, yau fushi, gobe kewa, jibi fata na gari. Abin da yake fitowa jerin darussa ne da za ka iya sauya musu wuri ba tare da komai ya lalace ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai matsala. A ganina gara a fara daga zaman da ya fi kowane nauyi, wato ranar da matashi zai buɗe baki a gaban sa'o'insa ya faɗi yadda mahaifinsa ko ƙanwarsa ta rasu, da abin da mutuwar ta bar masa a zuciya. Idan marubuci ya zana wannan zaman da kyau, sai ya yi wa kansa tambaya biyu: me yaron nan yake bukata a hannu kafin ranar, kuma me zai bukata bayanta? Amsoshin su ne sauran zaman, su ne kuma za su faɗi wanda zai riga wani.

Sai dai tun kafin a kai ga kowane zama, littafin yana bukatar babi a kan waɗanda za a ɗauka. Mafi yawan matasan da suka yi rashi suna farfaɗowa a hankali da taimakon iyali da abokai da imaninsu, ba sai sun ga likitan halayya ba. A 2007 Joseph Currier da Jason Holland da Robert Neimeyer sun tattara binciken da aka yi kan shirye-shiryen tallafa wa yara masu alhini, suka ga cewa in an haɗa su gaba ɗaya amfaninsu ƙanƙani ne, amma sakamakon ya fi kyau inda aka zaɓi yaran da ke nuna alamun damuwa a zahiri, da inda ba a bari lokaci ya ja sosai bayan rasuwar ba. Darasin a fili yake. Rukunin da ya kwashi duk wanda aka yi wa rasuwa zai cika da waɗanda ba sa bukatarsa, masu bukatar kuma su ɓace a cikinsu.

Don haka littafin ya tanadi ganawa ta mutum ɗaya, kamar minti 45, da kowane matashi, da wata gajeriyar ganawa da mai riƙonsa don neman izini da jin yadda gida yake ciki. A rubuta tambayoyin dalla-dalla. Ana so a san irin ciwon da ya fi damun yaron, domin alhini ba iri ɗaya ba ne. Christopher Layne da Julie Kaplow da abokan aikinsu sun kasa shi gida 3: raɗaɗin rabuwa, wato kewar da ke hana barci da karatu, ruɗewa kan ko shi wane ne yanzu kuma ina rayuwarsa ta dosa tunda wanda ya dogara da shi ya tafi, sai damuwa kan yadda mutuwar ta auku, kamar haɗari ko kisa ko jinyar da yake ganin an yi sakaci. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, ya amince da alhini mai tsawo a matsayin lalura idan ya wuce kimanin wata 6 yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa, kuma ya zarce abin da al'adarsa da addininsa suka saba gani. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi, domin tsawon makoki ya bambanta daga jama'a zuwa jama'a, kuma mai tantancewa da bai san haka ba zai iya kiran lafiyayyen jimami cuta.

A wannan ganawar ne kuma ake gane wanda rukuni bai dace da shi ba tukuna. Wanda yake da shirin kashe kansa, ko yake shan ƙwaya har ba ya iya zama cikin hayyacinsa, ko ake cin zarafinsa a gida yanzu haka, yana bukatar kulawar mutum ɗaya cikin gaggawa. Dole littafin ya bar gurbin da kowace cibiya za ta rubuta sunan wurin da za a tura irin wannan yaro da lambar da za a kira. Kuma ya rubuta tambayar kashe kai a fili, da kalmomin da jagora zai furta, saboda wanda aka bar shi ya nemo kalmomin da kansa yakan kewaye har ya ƙi tambaya gaba ɗaya.

Batun haɗa rukunin ma na wannan babin ne. Ɗan shekara 13 da ɗan shekara 18 ba sa tunanin mutuwa iri ɗaya, babban zai ja bakinsa ya yi shiru, ƙaramin kuma ya kwaikwaye shi, don haka a raba 13 zuwa 15 da 16 zuwa 18. 'Yan gida ɗaya gara a sa su rukuni dabam-dabam, domin yayan da yake ƙoƙarin nuna jarumta ba zai yi kuka a gaban ƙanensa ba, ƙanen kuma ba zai ce yana jin haushin marigayin ba yayansa na saurare. Kada a bar mutum ɗaya tilo wanda nasa ya mutu ta hanyar kisa ko kashe kai a tsakiyar waɗanda nasu suka rasu a gadon asibiti; babban abin da rukuni yake bayarwa shi ne mutum ya ji ba shi kaɗai ba ne, shi kuwa wannan yaron akasin haka zai ji. Rukunin ya zama rufaffe, ba a shigo da sabon mutum bayan zama na 2. Jagorori su zama 2, kuma za mu ga dalili nan gaba.

To, a kan wane tunani za a jera zaman? Mutane da yawa suna ɗauko matakai 5 da Elisabeth Kübler-Ross ta bayyana a 1969, ƙin yarda da fushi da ciniki da ƙunci da sallamawa, su mai da kowane mataki zama guda. Wannan kuskure ne da ya kamata a daina. Ita da marasa lafiyar da ke gab da mutuwa ta yi aikinta, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa masu alhini suna bin waɗannan matakan ɗaya bayan ɗaya ba. Illarsa a ɗakin rukuni ita ce, yarinyar da ba ta jin fushi a makon fushi za ta ɗauka ba ta son mahaifiyarta yadda ya kamata, wanda kuma bai sallama ba a zaman ƙarshe zai tafi gida yana ganin ya faɗi jarrabawa.

Wanda ya fi amfani ga marubucin littafi shi ne bayanin da Margaret Stroebe da Henk Schut suka gabatar a 1999. Sun ce mai alhini yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma fuskantar rayuwar da ta rage, kuma kai-komon shi ne lafiya. Wanda ya maƙale a gefe ɗaya, ko dai kullum yana cikin kuka ko kuma ya ƙi ko da ambaton sunan mamacin, shi ne abin damuwa. Matasa sun fi manya saurin wannan kai-komo. Za ka ga yaro yana hawaye yanzu, bayan minti 10 yana dariya da abokinsa, manya su ce bai damu ba, alhali haka zuciyarsa take iya ɗaukar kayan, kaɗan-kaɗan. Littafin da ya fahimci haka yana saka kai-komon a cikin kowane zama, ba a tsakanin makonni kawai ba.

A ce zaman minti 90 ne, sau ɗaya a mako. Minti 10 na farko kowa ya faɗi nauyin da yake ji daga 0 zuwa 10. Minti 10 na gaba a duba abin da aka gwada a gida. Minti 45 na tsakiya su ne na aikin ranar. Sai minti 15 na saukowa, da numfashi a hankali ko motsa jiki ko wani aikin hannu mara nauyi, sannan minti 10 na rufewa, kowa ya sake faɗin lambarsa da abin da zai yi in ya fita. Wannan tsari ba ya canzawa daga farko har ƙarshe, saboda yaron da mutuwa ta nuna wa cewa komai na iya rushewa dare ɗaya yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya. Ƙa'idar da zan so a rubuta da manyan baƙaƙe ita ce ba a buɗe magana mai nauyi a minti 25 na ƙarshe. Wanda aka sallama ciwonsa a buɗe zai koma aji ko gida da shi, mako mai zuwa kuma ba za a gan shi ba.

Yawan zaman ya danganta da hali. Shirin iyalan da aka yi wa rasuwa da Irwin Sandler ya jagoranta a Jami'ar Jihar Arizona zama 12 ne. Wani shiri da aka gwada da 'yan mata 'yan makaranta a lardin Free State na Afirka ta Kudu, aka buga sakamakonsa a 2017, zama 8 ne. Bari mu ɗauki 10 da matasa 6, mu ga yadda lissafin yake tafiya. In kowane matashi zai samu kimanin minti 20 na ba da labarinsa tare da jin martanin 'yan uwansa, mutum 2 kawai za su shiga minti 45. Mutum 6 ke nan zama 3. Da a ce su 8 ne, sai an ƙara zama na huɗu ko a matse kowa, kuma matse mai ba da labarin mutuwar uwarsa don agogo zalunci ne. Ashe girman rukuni ba ra'ayi ne ke yanke shi ba, wannan lissafin ne.

Zaman labarin su faɗo a 5 da 6 da 7. Guda 4 da suka gabace su shiri ne. Na 1 na dokoki ne da amana, kuma a nan kowa zai faɗi jimla ɗaya tak, wa ya rasu kuma yaushe, ba ƙari. A nan ne kuma ake faɗin iyakar sirri tun kafin kowa ya faɗi wani sirri: abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, ba a ɗauka a waya, ba a kai shi zauren hira, amma in jagora ya ji rayuwar wani na cikin haɗari zai sanar da wanda ya dace, bayan ya gaya wa yaron. Na 2 bayani ne kan yadda alhini yake bayyana a jiki da tunani, rashin barci da ciwon kai da kasa riƙe karatu da jin kamar an ga marigayin a cikin taro, domin da yawa daga cikinsu suna tsoron sun fara taɓuwa ne ba su gaya wa kowa ba. Na 3 na abubuwan tunatarwa ne da dabarun kwantar da jiki. Na 4 kowa ya zo da wani abu na marigayin, hoto ko agogo ko riga, ya ba da labarin rayuwarsa, ba mutuwarsa ba. Wannan jeri na fara koyar da dabaru kafin a taɓa ciwon, a ƙare kuma da duban gaba, shi ne ƙashin bayan shirin da Layne da William Saltzman da Robert Pynoos suka yi amfani da shi a makarantun Bosniya bayan yaƙin shekarun 1990.

Zama na 3 ya cancanci a tsaya a kansa. Abin tunatarwa iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A ce akwai yarinya 'yar shekara 15 da mahaifinta ya rasu a haɗarin mota tana ciki. Kujerar da ya saba zama a kai tana tuna mata rashinsa, abin da take ji kewa ce. Ƙarar birki kuwa tana mayar da ita cikin motar, zuciyarta ta buga, tafin hannunta ya jiƙe, abin da take ji firgici ne. Kewa ana zama da ita, a yi maganarta, a yi kuka in ya zo. Firgici kuwa sai an fara kwantar da jiki: ta dafa ƙasa da ƙafafunta, ta ambaci abu 5 da take gani a ɗakin, ta ja numfashi ta sake shi a hankali ya fi jan tsawo. Matsalar irin wannan yarinya ita ce duk lokacin da ta so tuna mahaifinta yana dariya, hoton haɗarin ne yake rigan zuwa, sai ta daina tunawa da shi kwata-kwata. Jagoran da bai bambance biyun ba zai ce mata ta rufe ido ta tuna babanta, ya jefa ta cikin motar da hannunsa. Shi ya sa littafin zai hana duk wani aikin rufe ido na dole.

Yanzu ga shafin zama na 6, ranar da ita za ta yi magana. Abu na farko a shafin ya faru ne kafin ranar: ganawar minti 20 ita da jagora ɗaya, inda za su zaɓi abin da za ta faɗa wa rukuni da abin da zai tsaya tsakaninsu. Bayanin jini da rauni da yanayin gawa ba na rukuni ba ne, saboda sauran 5 ɗin ma masu ciwo ne, kuma hoton da ta zuba musu zai bi su gida. In mutuwar ta kashe kai ce, ba a bayyana hanyar da aka bi ko kaɗan. Abin da za ta kawo shi ne inda take, abin da ta yi tunani, lokacin da ya fi mata wuya, da abin da har yanzu yake dawo mata. Tana iya karantawa daga takarda. Tana iya cewa ba yau ba, kuma littafin ya rubuta cewa wannan amsa ce karɓaɓɓiya.

Masu sauraro ma a ba su aiki, in ba haka ba kowa zai nutse cikin nasa labarin. Kowannensu ya riƙe abu ɗaya da ya ji wanda ya yi kama da nasa, ko wanda ya nuna masa ƙarfin halinta, ya faɗa in ta gama. Ba shawara, ba tambayar ƙwaƙwa. Jagora na farko idonsa na kan mai magana, na biyu idonsa na kan sauran, kuma amfanin zama su biyu ke nan. Alamar da na biyun yake nema ba kuka ba ce. Kuka aikin ne yake tafiya. Abin lura shi ne wanda ya ƙame, idonsa ya tsaya wuri ɗaya, aka kira sunansa bai amsa ba, ko numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Shafin ya faɗi matakin: a dakatar da labarin, kowa ya yi aikin dafa ƙasa tare don kada a nuna mutum ɗaya da yatsa, in bai dawo ba cikin 'yan mintuna jagora na biyu ya fita da shi, na farko ya ci gaba da rukuni. Duk wanda lambarsa ta rufewa ta kai 8 ko sama, ba ya tafiya sai an zauna da shi.

A ce a tsakiyar labarinta ta ce, “Ni na matsa masa ya kai ni. Da ban matsa ba, da yana nan.” Bakin kowane babba mai tausayi zai yi saurin cewa ba laifinki ba ne. An gaya mata haka sau da dama, ba ta yarda ba, in jagora ya maimaita sai ta sa shi a layin waɗanda ba su gane ba. Littafin ya ba shi wasu kalmomin: “Na ji ki, kin daɗe kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Akwai wani a nan da shi ma yake da nasa ‘da na sani’?” Hannuwan da za su tashi sun fi duk wani lallashi aiki. Warware maganar kanta kuwa sai zama na 8, inda za a tambaye ta abin da ta sani da safiyar ranar, kafin a shiga motar, da sau nawa ya taɓa kai ta wuri suka dawo lafiya, da abin da za ta ce wa ƙawarta in ita ce ta faɗi haka. Manufar ita ce ta gano da kanta cewa tana yi wa yarinyar wancan safiya hukunci da ilimin da sai daga baya ya zo. Zama na 8 ya biyo bayan labaran ne saboda a cikin labaran ake jin ainihin jimlolin laifi da fushi da za a yi aiki a kansu.

Zama na 9 na rashe-rashen da suka biyo bayan rashin ne, waɗanda manya kan manta: ƙaura zuwa gidan dangi, sauya makaranta, ɗaukar nauyin ƙanne, burin karatu da ya fara dusashewa. Na 10 bankwana ne, kuma tun daga na 7 ake tuna musu saura nawa, domin rabuwar bazata ita ce ta kawo su nan. Ba a ce musu su saki marigayin. Tun 1996 Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman suka nuna cewa ci gaba da jin alaƙa da mamaci abu ne da aka saba gani ga masu lafiyayyen alhini. Kowa ya fita da takardar da ya rubuta ranakun da ya san za su yi masa wuya, kamar zagayowar ranar rasuwar, da abin da zai yi, da mutumin da zai nema.

Littafin da za a miƙa wa wasu hannaye yana bukatar kowane shafi ya raba abin da ba a taɓawa da abin da jagora zai iya sauyawa. Manufar zaman da jerinsa da matakan kariya ba a taɓa su. Ko za a yi zane ko rubutu ko magana, da misalan da za a kawo, wannan na jagora ne da mutanen wurin. Imani yana cikin abin da matasa za su kawo da kansu, kuma ga da yawansu shi ne babban madogara, don haka a buɗe masa ƙofa da tambaya. Abin da za a kiyaye shi ne kada kalmar haƙuri ta zama murfin rufe bakin wanda yake son ya ce har yanzu yana jin zafi, kuma kada 'yan rukuni su yi wa juna hukunci kan makomar mamacin wani.

Masu riƙon yaran ba za a bar su a bakin ƙofa ba. Shirin Arizona ya haɗa da rukunin iyaye a gefe ɗaya, saboda yadda uwa ko uban da ya rage yake sauraron yaro, da halin da shi kansa yake ciki, suna daga cikin abubuwan da suka fi tasiri a kan yadda yaron zai kasance. In ba za a iya yin rukunin iyaye cikakke ba, a sa ganawa 2 a littafin, ɗaya kafin farawa, ɗaya kafin zama na 5, a gaya musu cewa a makonnin labarin yaro na iya ƙara shiru ko saurin fushi ko rashin barci na ɗan lokaci. Uwar da ba a gaya wa ba za ta ga ɗanta ya dawo a jigace, ta hana shi komawa a daidai tsakiyar aikin.

Kafin a raba littafin, a gwada shi da rukuni ɗaya ko biyu, jagorori su rubuta bayan kowane zama abin da suka yi da abin da suka tsallake da mintunan da kowane sashe ya ci a zahiri. Tambayoyin da aka yi a ganawar farko a sake yin su a ƙarshe, da kuma bayan wata 3. Rajistar halarta kuwa ita ce ta fi saurin tona asirin tsarin. In kujeru sun fara zama fanko bayan zama na 2 ko na 3, galibi zaman sun yi kama da aji, jagora na ta bayani matasa na kallonsa. In bayan na 5 ne aka fara gudu, to labaran sun zo da wuri ko sun zo da bayanin da ya fi ƙarfin masu sauraro, sai a ƙara zaman dabaru guda kafin su, a kuma tsaurara ganawar shiri. Duk wanda bai zo ba a kira shi cikin kwana 2, kuma littafin ya faɗi wanda zai kira da abin da zai tambaya.